Saƙo ɗaya cikin dubu arba'in: yadda ake zaƙulo tsohon imel a Gmail

“Ai na tura maka tuntuni, ka duba imel ɗinka.” Wannan magana ta sa mutane da yawa gumi a bakin ofis. Wanda ya faɗa ba ƙarya yake yi ba, ya tura ɗin. Wanda aka faɗa wa kuma bai goge komai ba. Matsalar ita ce an yi shekara biyar ko shida da turawar, kuma tun daga ranar saƙonni ke ta zuba a kai: na banki duk lokacin da aka cire ko naira ɗari ce, na masu talla, na shafukan sada zumunta, na wata makaranta da aka taɓa cike fom ɗinta aka manta. Sai ka ga mutum a tsaye yana ta jan allon waya da babban yatsa, wata na wucewa bayan wata, bai ko kai bara ba batir ya fara ja.

A kwamfuta, Gmail kan nuna saƙo hamsin a kowane shafi. Mai saƙo dubu arba'in ke nan yana da shafi ɗari takwas a gabansa. Ba aikin da za a yi da ido ba ne, kuma masu Gmail ba su taɓa nufin a yi shi da ido ba.

Ranar 1 ga Afrilu, 2004, kamfanin Google ya fito da Gmail, ya ba kowa gigabait ɗaya na ajiya kyauta. A lokacin Hotmail megabait biyu take bayarwa, Yahoo kuma huɗu, har wasu suka ɗauka wasan ranar ɗaya ga Afrilu ne kawai. Wanda ke da megabait biyu dole ya riƙa share akwatinsa kowane mako. Wanda aka ba gigabait kuwa an ce masa ya daina gogewa, ya daina wahalar jera saƙonni a aljihu-aljihu, idan yana son abu ya nema. Yau ajiyar kyauta ta kai gigabait 15, wadda Gmail ke rabawa da Google Drive da Google Photos. Jama'a sun karɓi rabin farko na shawarar hannu biyu, sun daina gogewa. Rabi na biyu, wato koyon nema, shi ne mafi yawa suka tsallake.

Akwai kuma abin da ke ƙara rikita lamarin, maɓallin da ake kira `Archive`. Ba gogewa yake yi ba. Yana ɗauke saƙo ne daga `Inbox`, inda ido ya saba gani, ya bar shi a babban rumbun da ake kira `All Mail`. A waya, goga yatsa gefe a kan saƙo ya isa ya aika shi can, kuma sau da yawa a cikin aljihu ko a hannun yaro hakan ke faruwa. Mai wayar ya duba bai gani ba, ya yanke cewa saƙon ya ɓata, alhali yana nan daram, kuma bincike na isa gare shi kamar kowane saƙo.

Abin da gurbin bincike ke ji da wanda ba ya ji

Gurbin nan da ke saman Gmail tamkar magatakarda ne mai riƙon amana amma marar hasashe. In aka ce masa ya kawo takardar filin nan, zai tsaya yana kallon mai magana. In aka ce ya kawo duk abin da ya shigo tsakanin watan kaza da watan kaza, mai ɗauke da fayil, zai ajiye su a kan tebur kafin a rufe baki. Abin da ya sani shi ne abin da ke rubuce a jikin saƙo: adireshin da ya fito, ranar da ya iso, kansa, kalmomin cikinsa, sunan fayil ɗin da aka maƙala masa da girmansa. Muhimmancin saƙon a wurin mai shi ba ya cikin lissafinsa.

Don haka ne aka tanadi wasu gajerun kalmomin umarni da ake bugawa a gurbin, kowace tana nuna wa injin wane ɓangare na saƙo zai duba. Siffarsu ɗaya ce: kalma, sai ruwa biyu, wato ɗigon nan biyu ɗaya bisa ɗaya, sai abin da ake nema, ba tare da barin fili ba. `from:` na duba wanda ya aiko, `to:` wanda aka aika wa, `subject:` kan saƙo, `after:` da `before:` kuma kwanan wata. In aka jera biyu ko uku da fili a tsakaninsu, Gmail zai kawo saƙon da ya cika dukkan sharuɗɗan ne kaɗai. Suna aiki a manhajar waya kamar yadda suke yi a kwamfuta.

Umarnin sun haura talatin, amma haddace su ba shi ne gwaninta ba. Gwanintar tana wajen sanin wanne za a fara da shi, da abin da za a yi idan allo ya dawo fayau.

Takardar fili da ta yi ɓatan dabo

A ɗauki misalin wani malamin sakandare da ya shiga tsarin rabon filaye na ƙungiyar ma'aikatan makarantarsu. Ya biya kuɗi kashi-kashi, an ba shi fuloti, sakataren ƙungiya ya ce ya tura wa kowa takardarsa ta imel. Shekaru sun shuɗe, an canza shugabanni, takardun ofis sun yi nasu wuri, ga shi yanzu wani ya fito yana cewa fulotin nasa ne. Malam na da tabbacin an turo masa takardar. Akwatinsa kuma, a ce, saƙo dubu arba'in ne a ciki.

Abin da zai fara yi shi ne abin da kowa ke yi: ya buga `fili`. Sai ga wasu saƙonni ƙalilan da ba su da alaƙa da zancen. Ya tuna da Turanci aka rubuta takardar, ya buga `plot`, sai tallan dillalan gidaje suka cika allo. Nan ne mafi yawan mutane ke sarewa.

Kuskuren shi ne ya fara da abin da ya fi rauni a tunaninsa. Ba ya tuna ainihin kalmomin da ke cikin saƙon, hasashensu yake yi. Abin da ya kamata ya tambayi kansa shi ne: me na sani tabbas game da saƙon nan, wanda zan iya rantsuwa a kai? In ya natsu zai ga abu biyu ne. Na farko, akwai fayil a maƙale. Na biyu, lokacin.

Ba ya tuna wata, balle rana, kuma ba abin mamaki ba ne. Mutanenmu ba kasafai suke ajiye abu a ka da sunan watan Bature ba, da abin da ya faru suke ɗaure shi: kafin azumi, bayan Babbar Sallah, da damina, lokacin kullen korona, lokacin wahalar takardun kuɗi. Malam ya tuna cewa an gama zaɓen shugaban ƙasa ana ta maganarsa a ɗakin malamai, kuma azumi bai kama ba, don da shayi a hannunsa sakatare ya tare shi. Zaɓen 2019 ne, wanda aka ɗage daga 16 ga Fabrairu zuwa 23 ga wata. Azumin shekarar kuma a Najeriya ya kama ranar 6 ga Mayu. Ga katanga biyu sun samu. Sai ya ɗan buɗa su ta kowane gefe, saboda tunani kan zame da 'yan kwanaki, ya buga:

```
after:2019/02/20 before:2019/05/10
```

Daga shekaru goma sha wani abu, an dawo ƙasa da wata uku. Saƙonnin da suka rage ba za su wuce dubu da ɗoriya ba. A kwamfuta adadin na fitowa a sama ta hannun dama, ko da yake in sun yi yawa Gmail kan ce suna da yawa ne kawai, ba ya ƙirgawa. Wannan adadi shi ne abin lura a kowane mataki, don shi ke nuna ko sharaɗin da aka ƙara ya yi aiki.

Mataki na biyu, ya ƙara abu na biyu da ya tabbatar:

```
after:2019/02/20 before:2019/05/10 has:attachment
```

`has:attachment` na zubar da duk saƙon da ba ya ɗauke da fayil, kuma su ne mafi yawa. Yanzu a ce saura casa'in. Da Malam mai haƙuri ne, daga nan ma zai iya bin su da ido, shafi biyu ne. Amma yana sauri, kuma ya tuna sunan sakataren Muhammad. To wane Muhammad? Sunan nan ɗaya ana rubuta shi ta hanya biyar ko fiye, kuma injin bincike ba ya ɗaukar su a matsayin abu guda. Dole a jera masa su, a raba da `OR`, wanda ke nufin ko wannan ko wancan:

```
after:2019/02/20 before:2019/05/10 has:attachment from:(muhammad OR mohammed OR muhammed OR muhammadu)
```

Da manyan baƙaƙe ake rubuta `OR`. In aka rubuta shi da ƙanana, sai a ɗauke shi a matsayin kalmar da ake nema. Baka biyun kuma na ɗaure sunayen ne duka a ƙarƙashin `from:`.

Malam ya danna. Babu ko ɗaya.

Wannan shi ne wurin da ake gane wanda ya iya. Allo fayau ba ya nufin saƙon ba ya nan. Yana nufin ɗaya daga cikin sharuɗɗan da aka gindaya ba gaskiya ba ne, kuma tunda sai an cika su duka, guda ɗaya mai kuskure ya isa ya kashe binciken. Da yake Malam ɗaya bayan ɗaya ya riƙa ƙara su, ya san mai laifin: casa'in ne kafin ya sa suna, sifili bayan ya sa. Da tun farko ya zuba komai a layi ɗaya, da bai san wanne zai cire ba. Shi ya sa ake ƙara sharaɗi guda, a duba adadi, sannan a ƙara na gaba.

Me ya sa sunan bai ci ba? `from:` na duba sunan da ke jikin adireshin da saƙo ya fito ne, ba mutumin da ya sa aka aiko ba. Duk wanda ya san yadda ake irin wannan aiki a garuruwanmu zai iya hasashen abin da ya faru. Sakatare ya kwashi takardu ya kai shagon kwamfuta, yaron shago ya ɗauki hotonsu da injin sikana, ya tura wa kowa daga adireshin shagon. Ko kuma ɗan sakataren ne ya tura daga wayarsa.

Sai Malam ya cire sunan, ya juya dabarar. Maimakon ya faɗi abin da yake so, sai ya fara korar abin da ba ya so. Ya dubi casa'in ɗin nan, ya ga mafi yawansu bayanan asusun banki ne na wata-wata, da tallace-tallace masu hotuna. Alamar ragewa, wato ɗan karan nan da ake sawa a lissafi, in aka manna ta a gaban sharaɗi tana fitar da duk abin da ya dace da shi:

```
after:2019/02/20 before:2019/05/10 has:attachment -subject:statement -category:promotions
```

Saura ashirin da 'yan kai. Ya ƙara `filename:pdf`, wanda ke tace saƙonni da irin fayil ɗin da suke ɗauke da shi, suka koma goma sha ɗaya. Na bakwai a jerin ya fito ne daga wani adireshi mai sunan shago da lambobi a ƙarshe. Inda kan saƙo ya kamata ya kasance an rubuta `(no subject)`. Cikin saƙon babu ko sallama. Fayil ɗin da ke maƙale sunansa `Scan0007.pdf`. Ya buɗe, ga sunansa, ga lambar fuloti, ga sa hannun shugaba da hatimi.

Da ya shekara yana buga `fili` da `plot` da sunan unguwar, ba zai taɓa ganin saƙon nan ba, domin babu kalma ko ɗaya a jikinsa. Gmail na iya karanta rubutun da ke cikin fayilolin da aka buga da kwamfuta, irin su takardar Word ko PDF mai rubutu na gaske. Amma takardar da aka ɗauka da sikana ko kyamarar waya hoto ce, kuma ba a dogara da binciken kalma wajen nemo hoto. Kwanan wata da nau'in fayil ne ke kai mutum gare ta. Da `filename:pdf` bai kawo ta ba, abin gwadawa na gaba shi ne `filename:jpg` da `filename:jpeg`.

Akwai wata gajeriyar hanya da Malam zai iya bi tun farko, wadda mutane ke mantawa da ita: neman sawun kansa. Wanda aka turo wa takarda mai muhimmanci yakan amsa da godiya, ko ya tura wa ɗan'uwansa ya adana masa. `from:me` na kawo abin da mai akwatin ya aika da hannunsa, kuma waɗannan ba su da yawa. In aka haɗa shi da kwanakin nan biyu, sau da yawa saƙo goma ko ashirin ne za su fito, kuma amsar da ya bayar tana ɗaure da asalin saƙon a zare ɗaya.

Tarkon kwanan wata

A Najeriya da Nijar an saba rubuta rana, sannan wata, sannan shekara. Gmail kamfanin Amurka ne ya yi shi, can kuwa wata ke gaba. Wanda ya buga `after:03/04/2019` yana nufin 3 ga Afrilu, za a fassara masa shi a matsayin 4 ga Maris. Babu gargaɗin da zai fito, saƙonni za su jeru kamar komai lafiya, sai dai katangar ta gusa da wata guda. In `before:` ne aka yi wa haka, saƙon da ake nema na iya faɗawa bayan katanga, mutum ya yi ta nema a banza. Mafita ita ce a riƙa fara wa da shekara, sai wata, sai rana, kamar yadda Malam ya yi. Wannan tsari ba ya rikicewa.

Sannan `before:2019/05/10` na tsayawa ne kafin ranar 10, ita kanta ranar ba ta ciki. Wanda ke neman saƙon rana ɗaya tak gara ya ba da kwana ɗaya ko biyu ta kowane gefe.

Ga wanda lissafinsa na “ya kai shekara uku” ne, akwai `older_than:3y`, da takwaransa `newer_than:`. Harafin `y` shekara ne, `m` wata, `d` kwana. In aka haɗa `older_than:3y newer_than:5y` an ware abin da ya shigo tsakanin shekara uku da biyar da suka wuce. Ba su kai kwanan wata kaifi ba, amma sun fi saurin bugawa a waya.

Idan kalma ce kaɗai abin da aka tuna

Wani lokaci babu fayil, babu tabbacin shekara, sai wata magana da ta tsaya a rai. A nan alamar zance ke aiki. Kalmomi biyu da aka buga haka kawai, Gmail zai kawo duk saƙon da ke ɗauke da su ko da ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. In aka sa su cikin alamar zance, kamar `"kudin haya"`, sai inda suka zo a jere. In kuma ana tuna kalmomin amma ba a tabbatar a jere suke ba, akwai `AROUND`, shi ma da manyan baƙaƙe: `haya AROUND 5 shago` na neman inda kalmomin biyu ba su fi kalma biyar nesa da juna ba.

Mai neman saƙon Hausa yana da ƙarin aiki. Wani yana rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, wani wayarsa ba ta da su, wani kuma alama yake sawa a gefen harafi. Wanda ya aiko saƙon shi ya zaɓi rubutun, ba mai nema ba, don haka a sa duka biyun: `kuɗi OR kudi`. Haka jam'i da tilo. Kada a sa ran injin zai gane cewa takarda da takardu abu ɗaya ne, a rubuta masa `takarda OR takardar OR takardu OR takardun`. Dalilin shi ne Gmail da cikakkiyar kalma yake aiki. Rabin kalma ba ya jawo sauran, kuma alamar tauraro da wasu manhajoji ke karɓa a madadin ragowar haruffa ba ta yin wannan aiki a nan.

Lamba ta fi kowace kalma kaifi, in dai an same ta. Ɗalibin da ke neman rasit ɗin kuɗin makaranta da ya biya ta Remita, in yana da lambar nan mai alƙaluma 12 da ake kira RRR a wata tsohuwar takarda, ya buga ta kawai. Sai dai lamba ma tana da rubutu iri-iri: wani wuri a haɗe take, wani wuri an raba ta huɗu-huɗu da kara a tsakani. Kuɗi ma haka, `150000` daban, `150,000` daban. In ɗaya bai ci ba a gwada ɗayan. In lambar ta ɓace gaba ɗaya, `from:remita` tare da shekarar karatun zai rage aikin sosai, domin `from:` na karɓar sunan kamfanin da ke cikin adireshi, ba sai an san adireshin duka ba.

Girma ma alama ce. Hotunan biki ko zanen gini da aka turo sun fi saƙon yau da kullum nauyi nesa ba kusa ba, kuma `larger:5M` zai ware duk abin da ya haura megabait biyar. Amma fayil ɗin da ya wuce megabait 25 Gmail ba ya aika shi a maƙale, yana ɗora shi a Google Drive ne ya tura mahaɗi. Irin wannan da `has:drive` ake nemansa.

Inda bincike ba ya leƙawa sai an ce ya leƙa

Binciken yau da kullum na tsallake wurare biyu: `Spam`, inda Gmail ke jefa abin da yake zargi, da `Trash`, kwandon shara. Ƙara `in:anywhere` na sa a haɗa da su. Yana da amfani ga saƙon makon jiya da aka ce an turo amma ba a gani ba. Ga tsohon saƙo kuwa amfaninsa kaɗan ne, domin duk abin da ya kwana 30 a ɗayan wuraren nan biyu Gmail na share shi har abada. Saƙon 2019 da aka jefa kwando a 2019 babu umarnin da zai dawo da shi. Abin da ya rage shi ne a roƙi wanda ya aiko ya duba nasa `Sent`, da irin waɗannan umarnin, ya sa adireshin mai nema bayan `to:`.

Kafin a kai ga fid da rai, a duba wane akwati ake ciki. Mutane da yawa na da adireshi biyu ko uku a waya ɗaya: wanda mai shagon waya ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, wanda suka cike fom ɗin jarrabawa da shi, da na wurin aiki. A taɓa hoton da ke kusurwar sama, a shiga kowane akwati a maimaita binciken. Tsohon adireshin da aka yi watsi da shi kuma yana cikin haɗari, don tun Disambar 2023 Google ya ba kansa damar goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Abu biyu kuma kan ruɗa mai nema ko da saƙon na cikin sakamakon. Na farko, Gmail na ɗaure saƙo da amsoshinsa a zare ɗaya. Zaren da aka yi ta mayar da magana sau talatin zai fito a layi guda, da sunan wanda ya yi magana daga baya, saƙon da ake nema kuwa yana naɗe a tsakiya sai an buɗe. Wannan ne ma ya sa wani lokaci alamar ragewa kan yi kamar ba ta aiki: an kori saƙo ɗaya, amma wani saƙon a zaren ya cika sharaɗi, sai zaren duka ya dawo. Na biyu, tun 2025 Gmail na iya jera sakamako bisa abin da yake ganin ya fi dacewa, ba bisa kwanan wata ba. Mai bin sawun tsohon saƙo ya fi buƙatar jerin kwanaki, don haka ya sauya zaɓin daga `Most relevant` zuwa `Most recent`.

Masu amfani da Outlook a ofis za su tarar da tsarin kusan ɗaya ne, kalmomin ne suka ɗan bambanta. `from:` da `subject:` na nan yadda suke, amma saƙo mai fayil `hasattachment:yes` ake ce masa, kwanan wata kuma da `received:` ake nemansa. Abin lura a can shi ne tsohuwar manhajar Outlook ta kwamfuta kan ajiye saƙonnin watanni 12 na baya ne kawai a kan na'urar idan ba a canza saitin ba, sauran suna can a uwar garke. In bincike ya tsaya a bara, a buɗe akwatin ta burauza a sake nema.

Wanda bugun umarni ke ba shi wahala yana da mataimaki a cikin Gmail ɗin kansa. A kwamfuta, a ƙarshen gurbin bincike ta dama akwai wata 'yar alama mai layuka, in aka danna ta fom zai buɗe mai guraben wanda ya aiko, kan saƙo, girma da kwanan wata. Bayan an cike an danna nema, Gmail zai rubuta umarnin da kansa a gurbin, inda za a iya karanta shi a gyara. Iyakar fom ɗin ita ce ba ya ba da katanga biyu na kwanan wata yadda mutum ya ga dama, rana ɗaya ake zaɓa da tazarar da ke kewaye da ita, kuma tazarar ba ta wuce shekara ɗaya.

Idan saƙon ya fito, akwai aikin minti biyu da ya rage. Saƙo irin na Malam, marar kai marar rubutu, zai sake nutsewa da zarar an rufe shi. Sai ya tura wa kansa shi da `Forward`, ya rubuta masa kai mai ɗauke da duk kalmomin da zai iya nema da su wata rana: takardar fili, lambar fuloti, sunan unguwa, sunan ƙungiya, 2019, da Hausa da Turanci. Ya sa masa tauraro, yadda `is:starred` zai kawo shi cikin 'yan kaɗan, ko ya buɗe masa lakabi, a ce `takardu`, wanda `label:takardu` zai riƙa jawowa. Sannan ya sauke fayil ɗin ya buga shi a takarda. Amma kada ya goge asalin saƙon don ya ga yana da kwafi: a jikin na asalin ne ranar da aka aiko da adireshin da ya fito suke, kuma su za a nemi gani idan maganar fulotin ta kai gaban mai unguwa ko lauya.